Yaya jirgin ruwa mai ƙyalle yake nufar inda iska ke fitowa?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana kimiyya na wannan zaure. Jirgin ruwan nan da ba shi da inji, sai ƙyalle da aka ɗaura a doguwar sanda, na gane yadda yake tafiya idan iska tana bayansa: tura shi take yi, wannan ko yaro ya sani. Amma an ce ko da iska daga arewa take busowa, matuƙi zai iya kai jirgin arewa ɗin. Abin da yake tura ka kudu, ta ina zai kai ka arewa?

Nura: Wa alaikumussalam. Anya kuwa, Anti Zainab? Ni dai a sanina jiragen nan duk suna da ɗan inji a ɓoye a ƙasa. Idan iska ta juya musu baya sai su tayar da shi, su bar ƙyallen a sama don ado.

Malam Habibu: Nura, gaskiya ne da yawa daga cikin manyansu suna da inji, amma na shiga tashar jirage ne da fita, ko kuma ranar da iska ta ɗauke gaba ɗaya. A gasar tsere ba a yarda kowa ya tayar da shi ba, kuma ƙananan jiragen da ake koyon tuƙi da su ba su da shi sam. Mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna hawan iska da ƙyalle kafin a ƙera injin farko.

Sai dai akwai gyara kaɗan a tambayar Malama Zainab. Babu jirgin ƙyalle da yake nufar idon iska kai tsaye. Idan daga arewa take zuwa, iyakar abin da jirgi na yau da kullum zai iya shi ne ya nufi arewa maso gabas ko arewa maso yamma, wato ya kauce mata da kamar digiri 45. Sai ya yi tafiya ta wannan ɓangare, ya juya ya yi ta wancan, yana karkace-karkace har ya isa. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili na kamar digiri 90 da ba ya shiguwa. Ka cusa hancin jirgi a ciki, ƙyallen zai kama kaɗawa kamar tuta, jirgin ya tsaya.

Zainab: Na gode Malam. To amma ko arewa maso gabas ɗin ai hawa ne, ba gangara ba. Wannan ɗin ne ban gane ba.

Malam Sani: Bari in sa baki, don wannan darasi ne da nake koyarwa. Ƙyallen nan idan iska ta cika shi yakan yi ciki, ya zama kamar fiffiken jirgin sama da aka tsayar a tsaye. Iskar da ta bi ta bayansa, wajen da ya yi tozo, hanyarta ta fi tsawo, don haka dole ta ƙara gudu domin ta tarar da 'yar uwarta da ta bi ta ciki a ƙarshen ƙyallen. Kuma ƙa'idar Bernoulli ta ce inda iska ta fi gudu matsinta yakan ragu. Matsi ya yi ƙasa a baya, ya yi sama a ciki, sai ƙyallen ya jawu. Shi ke nan.

Malam Habibu: Malam Sani, batun fiffike daidai ne, batun matsi ma daidai ne. Inda ban bi ka ba shi ne maganar doguwar hanya da gajeruwa. Ɗauki ƙyallen ka duba: kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Fuskar ciki da fuskar baya tsawonsu ɗaya ne. In da bambancin tsawo ne yake haifar da ƙarfin, da ƙyalle bai ja komai ba, ga shi kuwa yana jan jirgi mai nauyin tan da yawa. Sannan babu wata doka da ta ce iskar da ta rabu a gaba sai ta haɗu a baya. An gwada da hayaƙi a ɗakunan gwajin iska, ana sakinsa guntu-guntu ana ɗaukar hoto, aka ga wadda ta bi ta tozo tana riga ɗayar isa, ta wuce abinta ba ta jira kowa ba.

Abin da ke faruwa shi ne ƙyallen yana lanƙwasa hanyar iska. Ta zo masa ta wata fuska, ta bar shi ta wata fuska daban, ta karkata zuwa bayan jirgi. Iska kuwa abu ce mai nauyi, ko da ba ma ganinta: kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi tana da kamar kilo 1.2. Ƙyalle babba yana karkatar da ɗaruruwan kilo nata a kowace daƙiƙa. Ba ka karkatar da abu mai nauyi ba tare da ka tura shi ba, kuma duk abin da ka tura shi ma yana tura ka daidai gwargwado, ta ɗaya ɓangaren. Dokar Newton ta uku ke nan.

Malam Sani: To ai ka bar Bernoulli ka koma Newton. Kana nufin Bernoulli ƙarya ne?

Malam Habibu: A'a, ko kaɗan. Abu ɗaya suke bayani, kowa daga inda ya tsaya. Ga yadda suke haɗuwa. Iskar da ke bin tozon ƙyalle tana tafiya ne a lanƙwashe, tana bin jikinsa. Duk abin da ke tafiya a lanƙwashe sai da wani ƙarfi da yake danna shi zuwa cikin kwanar. A cikin iska ba abin da zai yi wannan dannawar sai bambancin matsi. Ke nan matsin da ke can nesa da ƙyalle ya fi wanda ke manne da tozonsa. Iskar da ta shigo wannan wuri mai ƙarancin matsi sai ta ƙara gudu, daidai yadda Bernoulli ya faɗa tun 1738. Gudun gaskiya ne, raguwar matsin gaskiya ce. Dalilin da aka jingina musu ne kawai, na cewa iska tana sauri don ta cim ma 'yar uwarta, ba shi da tushe.

Malam Sani: Na ji hujjar kaurin ƙyalle, tana da ƙarfi. Amma har yanzu ina ganin ga ɗalibi ɗan shekara goma sha huɗu, bayanin matsi ya fi saurin shiga kai fiye da wannan na lanƙwasa.

A'isha: Malam Habibu, wanne ya fi aiki, turawar da ake yi daga ciki ko jan da ake yi daga baya?

Malam Habibu: Idan ana hawan iska, na baya ya fi yawa, kuma mafi yawansa yana taruwa ne a kashi ɗaya cikin uku na gaban ƙyallen, kusa da sanda. Shi ya sa matuƙi ya fi damuwa da fuskar da ba ya gani sosai fiye da wadda ke kallonsa. In iska ta saki tozon nan, ta daina bin jikinsa, yawancin ƙarfin ya tafi, ko da ƙyallen yana nan a cike tim.

Zainab: Malamai, ku yi haƙuri, kun shiga zurfi kun bar ni a bakin gaɓa. Na yarda ƙyalle fiffike ne. Amma wannan ƙarfin, ina yake nufa? In ba arewa yake ja ba, me ya kai jirgin arewa?

Malam Habibu: Wannan ita ce ainihin tambayar, kuma amsar za ta ba ki mamaki: ƙyalle ba ya jan jirgi arewa ko kaɗan. Bari mu bi a hankali.

Ƙarfin da fiffike ke samu iri biyu ne. Babban, wanda a jirgin sama shi ne ke ɗaga shi, yana aiki ne a gicciye da hanyar iska. Ƙaramin kuma jan baya ne, yana bin hanyar iskar. Jirgin sama fiffikensa a kwance yake, don haka gicciyen sama yake kallo. Ƙyalle a tsaye yake, nasa gicciyen gefe yake kallo. Iska na zuwa daga arewa, jirgi ya nufi arewa maso gabas, to babban ƙarfin nan wajen gabas yake ja, har ma da ɗan karkata kudu.

Yanzu ki tsaya a cikin jirgin ki kalli gaba, wato arewa maso gabas. Gabas tana ina? Tana hannun damanki, amma ba a bayanki ba, tana ɗan gaba. Ke nan jan da ake yi gabas, wani kasonsa gaba ne ga jirgin, sauran kuma gefe ne. Da za a samu abin da zai shanye kason gefen, ya bar na gaban, jirgi zai tafi inda hancinsa ke kallo.

Abin da ke shanye shi yana ƙarƙashin ruwa. Allo ne mai faɗi da ya sauko daga cikin jirgin, a miƙe daga gaba zuwa baya. Tafiya gaba, bakinsa siriri ne yake yanka ruwa, ba wahala. Tafiya gefe kuwa, sai ya ture ruwa da dukan faɗinsa. Ruwan sai ya tura allon ta ɗaya gefen, wato hagu, kuma hagun jirgin da ya nufi arewa maso gabas ita ce arewa maso yamma. Kin ga inda arewar ta fito. Daga ruwa ta fito, ba daga iska ba. Kamar sabulu ne a jiƙe da kika matse tsakanin yatsu biyu: wannan ya danna ta nan, wancan ya danna ta can, sai ya sulɓe ya fita ta inda babu wanda ya tura shi kai tsaye.

Zainab: Allahu Akbar. Wato jirgin yana tsakanin abu biyu ne, iska a sama, ruwa a ƙasa.

Alhaji Garba: Malam Habibu, Allah ya saka da alheri, ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Na sassaƙa wa jikana ɗan jirgi da guntun katako, tsawonsa kamar kamu biyu, na kafa masa sanda na ɗaura ƙyalle. Muka sa shi a babban baho muka kunna fanka. In fankar na bayansa, sai ka ga gudu. Da na karkata ƙyallen yadda na gani a hoto, na mayar da fankar gefen gaba, sai jirgin ya riƙa zamewa a kaikaice, yana tafiya da haƙarƙarinsa har ya daki bakin bahon. Na sake ɗaurin ƙyalle har na gaji. Ashe ba a ƙyallen matsalar take ba?

Malam Habibu: Ba a nan take ba, Alhaji. Cikin jirginku a shafe yake, ba abin da ya riƙe ruwa. Ku samo falle na roba mai tauri ko gwangwani da aka miƙar, ku tsaga ƙasan katakon a tsaye daga gaba zuwa baya ku cusa shi, ya sauka kamar tsawon yatsa ko fiye. Ku maƙala ɗan ƙarfe mai nauyi a can ƙarshensa na ƙasa, don da zarar allon ya kama ruwa jirgin zai fara kishingiɗa: iska na tura saman jirgin ta nan, ruwa na tura ƙasansa ta can. A manyan jirage ma haka ake yi, ana zuba dalma ko ƙarfe a gindin allon. A ƙanana kuwa mutanen ciki ne ke zama a gefen da iska ke fitowa, su miƙa jikinsu waje.

A'isha: Malam, ka ce wani kaso gaba, wani kaso gefe. Nawa ne nawa? In na gefen ya fi yawa ai asara ce.

Malam Habibu: Ya fi yawa nesa ba kusa ba. Bari in sa lambobi, na misali ne amma ba su yi nisa da abin da ake gani ba. Kafin nan akwai abu ɗaya da sai an sani: iskar da ƙyalle ke ji ba ita ce iskar da mutumin da ke tsaye a gaɓa yake ji ba. Jirgin yana tafiya, tafiyarsa tana haifar masa da wata iska daga gaba, su biyun su haɗu su zama ɗaya.

A ce ainihin iska tana gudun kilomita 20 a awa, jirgi yana yin 10, ya kauce mata da digiri 45. In ka haɗa su, wanda ke cikin jirgi zai ji iska mai gudun kamar kilomita 28 a awa, tana zuwa masa daga digiri 30 kacal da hancin jirgi. Ta ƙara ƙarfi, ta kuma matso gaba. Ƙarin ƙarfin riba ne, matsowar gaba kuwa hasara ce.

Ƙyalle mai faɗin murabba'in mita 25 a irin wannan iska zai ba da ƙarfin gicciye daidai da nauyin kilo 100, a ƙiyasce. Jan baya, in aka haɗa da na sanda da igiyoyi da jikin jirgi, mu ce kilo 20. Ga lissafin, L shi ne na gicciye, D jan baya, β kuma kusurwar iskar da jirgi ke ji:

```
gaba = L × sin β − D × cos β
gefe = L × cos β + D × sin β
```

A digiri 30, na gaba ya zama 50 a cire 17, saura 33. Na gefe kuwa 87 a ƙara 10, wato 97. Kin gani, abin da ke tura jirgi gefe ya ninka mai kai shi gaba kusan sau uku. Da wannan kilo 33 ɗin ake tafiyar duka.

A'isha: Kuma allo ɗaya ne zai tare kilo 97? Ai na ga hotonsa, bai kai ko kusa da girman ƙyallen ba.

Malam Habibu: Ruwa ya fi iska nauyi kamar sau 800, shi ya sa allo mai faɗin murabba'in mita ɗaya ko makamancin haka ya ishi ƙyalle mai 25. Kuma shi ma ba bango ba ne kawai, fiffike ne. Jirgin ba ya bin daidai inda hancinsa ke kallo, yana ɗan zamewa gefe da kamar digiri 3 zuwa 5. Wannan 'yar zamewar ce take sa ruwa ya daki allon a karkace, allon ya lanƙwasa hanyar ruwan, ya samu nasa ƙarfin gicciyen, sak yadda ƙyalle ke yi da iska. In kina cikin jirgi kika waiwaya, za ki ga sawun da ya bari a ruwa bai fito daidai tsakiyar bayansa ba, ya ɗan karkata zuwa ɓangaren da iska ke fitowa. Da wannan ake gane yawan zamewar.

Abin lura shi ne ƙarfin allon ya dogara da gudun jirgi, kuma ba ɗaya bisa ɗaya ba. In gudu ya ragu da rabi, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Jirgin da ke tafiyar hawainiya allonsa ba ya riƙe ruwa sosai, sai ya yi ta zamewa.

Nura: To na sauka daga maganar inji. Amma ga wata: tunda arewa ake so, me ya sa matuƙi ba zai matsa ba, maimakon 45 ya yi 30 ko 20? Ai hanya za ta fi gajarta.

Malam Habibu: Koma kan lissafin can, ƙanena. Rage kusurwar iskar da jirgi ke ji daga 30 zuwa 15: na gaba zai zama 26 a cire 19, saura 7 kawai. A wajen digiri 11 ya zama babu. Kuma tun kafin a kai nan jirgin ya riga ya rasa gudu, allo ya saki ruwa, ga jan bayan da ruwa ke yi wa jikin jirgin yana nan bai tafi ko'ina ba.

Shi ya sa matuƙa ba sa tambayar wa ya fi kusa da iska, sai dai wa ya fi cin arewa a awa. Mai gudun 10 a digiri 45 yana cin kilomita 7.1 na arewa a kowace awa. Wanda ya matse zuwa 35, gudunsa ya faɗi zuwa 7, yana cin 5.7 ne. Wanda ya buɗe zuwa 55 ya samu gudun 11, yana cin 6.3. Na farkon ne zai riga su. Sabon matuƙi kusan kullum laifinsa matsewa ne, don ido yana gaya masa ya fi kowa fuskantar inda za shi, alhali ana wuce shi.

Ita kuwa hanyar dole ta yi tsawo. Wurin da ke kilomita 10 a idon iska, sai ka yi kamar 14 kafin ka isa, in aka sa zamewa ya haura 15. Manyan jiragen da can masu ƙyallaye murabba'i a gicciye ba sa iya matsowa fiye da digiri 60 zuwa 70, su tafiyar takan ninka sau biyu zuwa kusan uku. Wannan ne ya sa suke bin hanyoyin da iska ke mara musu baya ko da sun fi nisa, ko su zauna jiran lokacinta.

Zainab: Malam, shi matuƙin ta yaya yake sanin ƙyallen na aiki daidai, tunda iska ba a ganinta?

Malam Habibu: Da zare. Ana manna guntayen zaren ulu ko siraran ƙyallaye a fuskokin ƙyallen biyu, kusa da bakinsa na gaba, sau da yawa ja a ɗaya gefen, kore a ɗayan. Ƙyallen yana da ɗan shara-shara, kana hango inuwar na bayan. In duka biyun sun miƙe sun kwanta suna kallon baya, iska na bin fuskokin biyu lafiya. In na ciki ya fara rawa yana tashi sama, ka matse da yawa ko ka saki igiyar da ke jan ƙyallen da yawa, kuma nan da nan za ka ga bakin ƙyallen yana lotsawa yana karkarwa. In na baya ne yake juyi yana faɗuwa, ka ja igiya fiye da kima, iska ta saki tozo.

Na biyun ya fi yaudara. Na farko yana da ƙara, kowa zai ji. Na biyu shiru ne: ƙyalle a cike, jirgi a kishingiɗe, kana jin kamar ana aiki, gudu kuwa babu. Abin da ake koya wa sabo shi ne ya saki igiya a hankali har bakin ƙyalle ya fara karkarwa, sannan ya ja kaɗan har ta tsaya. Tazarar da ke tsakanin kuskuren nan biyu 'yan digiri ne, kuma iska ba ta zama wuri ɗaya, don haka hannu ba ya barin igiya da sitiyari.

Wurin juyawa ma akwai tarko. Don ka koma ɗaya ɓangaren sai hancin jirgi ya ratsa filin nan da ba ya shiguwa, kuma a 'yan daƙiƙun nan ƙyalle ba ya ba da komai, da ragowar gudunka kake ratsawa. In ka shiga juyi ba gudu, ko igiyar ruwa ta daki hancin a tsakiya, jirgin zai tsaya cak yana kallon iska, sitiyari ya daina ji, don shi ma allo ne a cikin ruwa a bayan jirgi, sai ruwa na gudana a jikinsa yake aiki. Daga nan sai ka fara komawa da baya.

Nura: Na taɓa jin wai akwai masu fin iskar da ke tura su gudu. Wannan kam ƙari ne ko?

Malam Sani: Ni ma wannan ban yarda da shi ba. Ba za ka fi abin da ke ba ka ƙarfi gudu ba, in ba haka ba ka samu ƙarfi daga babu.

Malam Habibu: In iska na bayanka kai tsaye, tana tura ƙyalle kawai, maganarka haka take, Malam Sani: kana kusantar gudunta tana raguwa a jikinka, in ka kai ta sai ka ji tsit. Amma a gicciye labarin ya sha bamban, don ƙara gudunka ƙara iskar da kake ji ne. Abin da ke tsayar da kai shi ne jan bayan ruwa, da kuma matsowar iskar zuwa hanci. Rage jan baya sosai, sai ka wuce ta. Masu tsere a kan ƙanƙara da ƙyalle sun daɗe suna ninka gudun iska. A ruwa ma, a watan Nuwamba 2012, Paul Larsen ya yi gudun kilomita 121 a awa da jirgin Vestas Sailrocket 2 a Walvis Bay ta ƙasar Namibiya, cikin iskar da ba ta kai rabin haka ba. Ƙarfin ba daga babu ya zo ba. Jirgin yana ratsa iska mai yawa yana rage mata gudu, abin da ta rasa shi ya samu.

Malam Sani: Labarin Namibiya ba zan musa ba tunda an auna. Amma bayanin sai na zauna da takarda da biro tukuna. Akwai abin da bai kwanta min ba game da inda ƙarfin ke shiga idan iskar ta riga ta koma kusan gabanka.

Alhaji Garba: Malam Habibu, na dawo da rahoto. Mun sa allon, da ƙusa biyu a gindinsa. Zamewar ta ragu ƙwarai, har ya ɗan yi gaba, yaron ya yi ta tsalle. Sai dai yanzu wata sabuwa: yana fara tafiya sai ya juya hancinsa ya fuskanci fankar, ƙyallen ya kama kaɗawa, ya tsaya.

Malam Habibu: Madalla, Alhaji, ai kun zo inda masu ƙera jirgi na gaske suke shan wahala. Iska tana tura ƙyalle a wani wuri, ruwa yana riƙe allo a wani wuri. In wurin turawar yana bayan wurin riƙewar, gindin jirgi ne ke tafiya da iska, hanci ya juyo ya fuskance ta. Ku matsar da sandar gaba kaɗan, ko ku mayar da allon baya, kamar faɗin yatsa ɗaya a kowane gwaji. In kuka wuce gona da iri za ku ga akasin haka, hancin ya riƙa gudun fankar. Ku ƙara masa ɗan ƙaramin allo a can baya a madadin sitiyari, wanda za ku iya lanƙwasawa da hannu.

Malam Sani: Ni ina zargin fankar ma. Iskarta a murɗe take fitowa, kuma tana bazuwa, ta kusa ta fi ta nesa ƙarfi. Jirgin na matsawa kamu ɗaya kusurwar iskar ta canza masa. Ko an daidaita sanda ba lallai ya miƙe ba.

Malam Habibu: Wannan ma yana iya zama, ban kore shi ba. Alhaji, ku ja fankar baya sosai ku ƙara mata lamba, sannan ku canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, don mu san wanne ne ya yi aiki.

Alhaji Garba: To, zan fara da fankar tunda ita ba sai an sassaƙa komai ba. In bai daina juyawa ba sai in taɓa sandar. Bahon ne dai nake ganin ya yi masa kaɗan, kafin ya ɗauki gudu ya kai bango.